Lokacin da kwamfuta ta ce ₦300.30 bai kai ₦300.30 ba

Ɗalibin da ke koyon rubuta manhaja a Jami'ar Tarayya ta Dutse, ko matashin da ke shirya wa wani mai shago a kasuwar Shuwarin manhajar lissafin bashi, duk sukan ci karo da wani abu mai ɗaure kai. A ce ana bin mutum ₦300.30. Ya biya ₦100.10, daga baya ya kawo ₦200.20. Ko ɗan firamare ya san bashi ya fita. Amma ga abin da Python ke cewa:

```
>>> 100.10 + 200.20 == 300.30
False
>>> 100.10 + 200.20
300.29999999999995
```

Kwamfutar lafiyarta ƙalau, matsalar tana cikin yadda take ajiye lamba mai ɗigo. Mu da goma-goma muke ƙirga, ita kuwa da bibbiyu, wato 0 da 1 kawai. A lissafinmu, idan aka raba ₦100 tsakanin mutum uku, kowa zai samu 33.333, ukun nan kuma ba ta ƙarewa. Dole a yanke a wani wuri, kuma da an yanke an bar ɗan wani abu. To haka kashi ɗaya cikin goma yake a ƙirgan bibbiyu: 0.1 ba ya ƙarewa. Lambobi irin su 0.5 da 0.25 da 0.75 suna zama daidai, domin daga rabi da rabin rabi aka gina su, amma 0.1 da 0.2 da 0.3 ba sa zama.

Ƙa'idar da kusan dukkan kwamfutoci da wayoyi ke bi, IEEE 754, wadda aka fitar a 1985, ta ware wa irin wannan lamba gurbi 64, amma ainihin alƙalumanta guda 53 kawai ake iya riƙewa a ƙirgan bibbiyu, abin da ya yi daidai da alƙalami 15 zuwa 17 a ƙirganmu. Saboda haka da ka rubuta 100.10, abin da aka ajiye shi ne lamba mafi kusa da shi, wadda ta gaza da ɗan ƙanƙanin abu. Shi ma 200.20 ya gaza. Da aka haɗa su sai giɓin ya taru, amsar ta sauka ƙasa. Shi kuwa 300.30 da aka rubuta kai tsaye, lambar da ta fi kusa da shi tana ɗan sama. Alamar `==` ba ta san "kusan" ba. Ko a gurbi na ƙarshe aka saɓa, `False` za ta ce.

Abin da ke sa gano matsalar ya yi wuya shi ne allo yana rufa mata asiri. Idan manhaja tana nuna alƙalami biyu kacal bayan ɗigo, ɓangarorin biyu duk 300.30 za su fito, ga kuma sunan mutum a jerin waɗanda ba su gama biya ba. Hanyar kama ta ita ce a sa kwamfuta ta buga lambar da dogon jelarta, ko a cire ɗaya daga ɗaya a ga ko sifili ne ya rage. Wani lokacin ma manhajar ce ke maƙalewa: idan aka ce ta riƙa ƙara 0.1 har sai ta kai 1.0 cif, a karo na goma 0.9999999999999999 za ta samu, sai ta tsallake ta yi ta tafiya.

Magani ya danganta da abin da ake lissafawa. Idan kuɗi ne, a bar ɗigo gaba ɗaya, a ƙirga da kwabo, tunda cikakkun lambobi ba su da wannan giɓi:

```
>>> 10010 + 20020 == 30030
True
```

Sai dai a kula wajen mayar da naira kwabo, domin `int(4.35 * 100)` 434 yake bayarwa, kwabo ɗaya ya salwanta. A yi amfani da `round`, ko kuma a karɓi kuɗin a rubuce a miƙa wa `Decimal("4.35")`, wanda ke lissafi da goma-goma kamar yadda muke yi.

Idan kuwa awo ne, kamar nauyin buhun riɗi a sikeli, to dama can awon ba cif yake ba. Tambayar da ta dace ita ce ko lambobin biyu sun yi kusa iya yadda ake buƙata, kuma aikin `math.isclose` ke nan. Amma in da sifili za a gwada, sai an faɗa masa iyakar giɓin ta hanyar `abs_tol`, in ba haka ba duk ƙanƙantar abin da ya rage zai ce bai kai ba. Wannan iyaka kuwa mai rubuta manhaja ne zai tsayar da ita, bisa giram nawa mai saye da mai sayarwa za su iya yafe wa juna.