Bashin ƙwai: yadda za ka karɓi kuɗinka ba tare da ka rasa mai saye ba

Kaji 200 masu ƙwai suna cin kusan buhu ɗaya mai kilo 25 a kullum. In suna zuba ƙwai da kyau, za ka kwashi kamar kiret 5 a rana. Ke nan wanda ya riƙe maka kuɗin kiret 20 ya riƙe aikin gonarka na kwana huɗu, kaji kuma ba sa jiran a biya bashi kafin su ci. Ka rage musu abinci yau, ƙwai ya ja baya, kuma ba a rana ɗaya yake dawowa ba.

Mu ɗauki misali. Kana kiwo a Sabiyal, wani Alhaji mai shago a Jega ya karɓi kiret 20 a kan N5,000 kowanne, N100,000 ke nan. Ya ba da N40,000, saura N60,000, da alƙawarin biya ranar Litinin. Kafin kaya su tafi, ka rubuta rasit mai kwanan wata, adadin kiret, abin da ya biya, ragowa da ranar biya. Ya sa hannu, ka tura masa hotonsa ta WhatsApp. Ƙwan da ya fashe a hanya ku ƙirga shi ranar nan, don kada ya zama hujja daga baya.

Litinin ta wuce shiru. Ranar Talata, tuni kawai za ka yi:

"Salamu alaikum Alhaji, ya kasuwa? Ina tuna maka ragowar N60,000 na ƙwan nan da muka yi za a biya jiya. Ga lambar asusu. Allah ya ƙara buɗi."

Babu zargi a ciki, don wataƙila mantuwa ce. Amma akwai adadi, akwai rana.

In kwana uku sun wuce, bar saƙo, kira shi a waya:

"Alhaji, ranka ya daɗe, abincin kaji zan sayo ranar Asabar, kuma da kuɗin nan na dogara. Wace rana zan sa rai?"

Kada ka ajiye waya a kan "za a yi, in sha Allah". Ka ce: "In sha Allah, Alhaji. Mu sa Asabar?" Sannan ka tura saƙo mai tabbatar da ranar. Mai niyyar biya yakan faɗi rana, ko ya turo wani abu. Wanda ya daina ɗaukar waya, ko sai yanzu ya tuna ƙwan ƙanana ne, wannan ka fara shiri da shi.

Asabar ta wuce? To, taka ka je shagon da littafinka. Ka keɓe shi gefe, kada ka yi maganar gaban yaransa da masu saye:

"Alhaji, sau biyu muna sa rana. Ba zan iya kawo sabon kaya ba sai an rage wannan. In akwai matsi, mu raba shi uku: N20,000 yau, saura duk Asabar."

Nan ne sababbin masu kiwo ke faɗawa rami. Sai ya ce "kawo goma in haɗa in biya gaba ɗaya", bashin N60,000 ya koma N110,000. Ƙwai ba shi da ajiya mai tsawo a zafin watan Maris da Afrilu, shi ya sa tayin ke da daɗin ji. Ka nemi masu shayi da masu abinci na kusa da jami'ar Aliero, ko shaguna a Maiyama, ka sayar hannu da hannu ko da ka ɗan sauke farashi.

In ya saɓa rabon da aka yi, sai takarda ta ƙarshe, gaban wanda ya haɗa ku ko shugaban 'yan kasuwar layinsu:

"Alhaji, saura N40,000. Na ba da kwana bakwai daga yau. In ba a biya ba, zan kai maganar gaban mai unguwa, daga nan sai kotu."

Kada ka faɗi abin da ba za ka aikata ba. Kada ka ɗora riba don an yi jinkiri, kuma kada ka sa hotonsa a Facebook, sai ka koma kai ake ƙara kan ɓata suna. Ofishin 'yan sanda ma ba wurin karɓar bashi ba ne, domin Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. A gaban alƙali, rasit ɗin nan da saƙonninka da shaidarka su za su yi maka magana.

Ranar da ya kammala biya, ka gode masa, ka soke shafinsa a gabansa. In ya dawo neman ƙwai, a ci gaba da ciniki, amma kuɗi hannu, har sai ya sake gina amana.

Ku fa, kwana nawa kuke ba masu sayen ƙwanku ko kifinku?