Gonar Gwaji da Makarantar Manoma: Yadda Babba Ke Koyon Noma

Da yawa daga cikin Hausawan da ke neman abinci a Iyana Ipaja, Agege da kasuwar Ile-Epo ba su rabu da gona ba. Wani yana komawa gida da faɗuwar damina, wani yana aika wa ƙanensa kuɗin taki, wani kuma ya samu ɗan fili a bakin rafi a nan Legas yana fitar da alayyafo da lalo. Dukansu suna cin karo da shawara iri-iri: mai shagon magani ya ce a fesa wannan, rediyo ya ce a shuka wancan, malamin gona ya zo da nasa. Mutumin da ya shekara ashirin yana riƙe da fartanya ba ya sauya hannu don an tara shi a inuwa an yi masa lacca, kuma yana da gaskiya, domin idan shawarar ta ɓaci, rumbunsa ne zai zauna wayam, mai shawarar kuwa albashinsa na nan. Shi ya sa masu aikin wayar da kan manoma suka koma ga hanyoyi biyu da ke barin manomi ya gani ya auna da kansa, wato gonar gwaji da makarantar manoma. Ana yawan haɗa su wuri guda, alhali kowace da aikinta.

Gonar gwaji tana amsa tambaya ɗaya ce: wannan sabuwar hanyar ta fi wadda muka saba, ko ba ta fi ba? Misalin da Arewa ta fi sani shi ne na shirin Sasakawa, wanda attajirin Japan Ryoichi Sasakawa da masanin noma Norman Borlaug da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter suka kafa a 1986, ya shigo Najeriya a 1992 ta jihohin Kano da Kaduna. Dabararsu ita ce ba a yin gwajin a gonar gwamnati da ke cikin shinge. A gonar manomi ake yi, shi ne mai aikin da hannunsa, malamin gona yana zuwa ne a muhimman ranaku. Filin kuma ba ɗan fegi ba ne, rubu'in hekta ne, wato mita 50 a tsaye da mita 50 a kwance, don abin da aka girbe ya kai a ƙirga shi da buhu.

Ga yadda lissafin masara yake a irin wannan fili. Tsakanin kunya da kunya santimita 75, tsakanin rami da rami santimita 25, ƙwaya ɗaya tak a kowane rami. Wannan yana ba da tushe wajen 53,000 a hekta, wato sama da 13,000 a rubu'in hekta, da iri kimanin kilo 5. Shawarar da aka fi bayarwa ga masara a yankin Zariya da makamantansa ita ce buhu 8 na NPK 15-15-15 da kusan buhu biyu da rabi na yuriya a hekta guda, don haka rubu'in hekta zai ci buhu 2 na NPK da yuriya wajen kilo 30. Ba a watsa takin a sama. Ana huda rami kusa da tushe da tsinke, a zuba, a rufe da ƙasa, domin yuriyar da aka bari a fili kan bi iska, ruwan sama kuma ya wanke saura. Wannan salon ne har yau manoma da yawa ke kira shukar Sasakawa.

Abin da ke koyar da babba a nan shi ne ƙirga. Bayan mako uku da shuka, sai a miƙa igiya mai tsawon mita 10 a kan kunya guda a ƙirga tushen da suka tsaya. Ya kamata a samu 40. Idan 26 aka samu, manomi ya san tun yanzu cewa ya rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na gonarsa, kuma sai a tona a ga dalili: iri ne ya mutu, ko an binne shi da zurfi, ko ɓera da tsuntsu ne suka tone. Wanda ya yi wannan ƙirga da kansa sau ɗaya ba ya ƙara sayen irin da bai gwada tsirarsa ba.

Sai dai gonar gwaji tana iya yin ƙarya, kuma akwai alamomin gane hakan. Ta farko, idan babu gonar kwatance a gefenta, wadda aka noma yadda aka saba, a ƙasa iri ɗaya, aka shuka rana ɗaya, to ba gwaji ba ne, talla ce. Ta biyu, idan an zaɓi wuri mafi kyau a garin, kamar tsohon makwancin shanu a bakin titi, to ƙasar ce ake nunawa. Ta uku, idan ranar taron manoma an nuna zangarniya manya-manya amma ba a faɗi abin da aka kashe ba. A ce rubu'in hekta ya ba da buhu 10, na gefensa buhu 4. Bambancin buhu 6 ne, amma sai an cire kuɗin iri da taki da ƙarin ƙwadagon shuka a layi da binne taki kafin a san riba. Inda shirin ya kawo taki kyauta ko bashi, manoma kan bi hanyar shekara ɗaya, su watsar da ita da zarar shirin ya tashi. Duk wanda aka gayyata kallon gonar gwaji ya tambayi abu uku: ina ta kwatance, nawa aka kashe, kuma a ina zan samu wannan irin baɗi?

Makarantar manoma kuwa daga wata matsala ta daban ta fito. A Indonesiya, wani ƙaramin ƙwaro mai tsotsar shinkafa ya addabi manoma, kuma bincike ya nuna yawan feshi ne ke ƙara shi, saboda maganin yana kashe gizo-gizo da sauran halittun da ke cinye shi. A 1986 gwamnatin ƙasar ta hana amfani da magunguna 57 a kan shinkafa, a 1989 kuma aka fara makarantun manoma da taimakon Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Darasin da aka ɗauka shi ne ba a iya rubuta wa manomi ranar feshi daga ofis, domin abin da ke cikin gona yana sauyawa mako-mako. Dole shi ya iya karanta gonarsa.

Makarantar ba ta da aji ko allo. Manoma kimanin 25 ne ke haɗuwa sau ɗaya a mako, da sassafe, a gona guda, tun daga shuka har girbi. Ana raba gonar biyu, rabi a bi al'adar gari, rabi a bi abin da 'yan makarantar suka yanke. Su kansu suna rabuwa rukuni biyar, kowane rukuni ya shiga ya duba, ya fito ya zana abin da ya gani a babbar takarda, ya bayyana wa saura, a yi gardama, sannan a yanke abin da za a yi a wannan makon. Da yake zane ne, wanda bai yi boko ba ba a bar shi a baya ba. Aikin malamin gona shi ne tambaya: a ina ka same ta, guda nawa, me take yi?

Mu ɗauki tsutsar nan mai cin masara da ta ɓulla a Najeriya a 2016. Rukuni zai ratsa gonar a karkace, ya tsaya a wuri biyar, a kowane wuri ya duba tushe 10 a jere, jimla 50. Ana neman ganyen da aka kankare har ya zama kamar leda, da kashin tsutsa mai kama da dusar katako a tsakiyar kan masara inda sabon ganye ke fitowa. Ita tsutsar ana gane ta da ɗigo huɗu baƙaƙe da suka yi murabba'i kusa da wutsiyarta. Idan masara tana ƙarama, ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne kashi 20 cikin 100, wato tushe 10 daga cikin 50 masu sabuwar ɓarna. Idan 4 aka samu, a murƙushe ƙwai da tsutsa da hannu, a dawo a sake dubawa. Idan adadin ya kai 10, a yi feshi da sanyin safiya ko da yamma, a saita bakin famfo cikin kan masarar, tun tsutsa tana ƙarama, domin idan ta girma ta shige ciki magani ba ya cim mata sosai.

Akwai kuma ɗan gwajin da ke sauya tunanin mutane fiye da kowane bayani. A sa ganyen masara da ƙananan tsutsotsi a kwalba, a jefa gizo-gizo ko wani ƙwaron da aka kamo a gonar, a rufe da ƙyalle. Washegari a ƙirga tsutsar da ta rage. Manomin da ya ga haka ya daina ɗaukar duk abin da ke motsi a gonarsa a matsayin maƙiyi. Gani ya kori ji.

Ita ma wannan hanya tana da iyaka. Tana cin lokaci da kuɗi, malamai kuma ba su da yawa. Binciken da masanan Bankin Duniya suka wallafa a 2004 kan Indonesiya ya nuna ilimin bai cika tsallakawa zuwa maƙwabtan da ba su halarta ba, domin iya duba gona ba labari ba ne da ake ba wani a majalisa. Takan lalace idan malami ya koma lacca, ko aka cika rajista da sunayen masu zuwa don kuɗin mota, ko aka sa lokacin da mata ba za su iya fitowa ba. Makarantar da ba ta da takardun zanen mako-mako, kuma gonarta ba a raba take biyu ba, suna kawai ta ara.

Masu noman ganye a Legas sun fi kowa sauƙin cin moriyar wannan. Alayyafo yana isa yanka cikin wata guda ko ƙasa da haka, don haka abin da mai masara zai jira damina guda ya gani, su za su gani sau da yawa a shekara. Mutum biyar masu fili kusa da juna za su iya ware fegi biyu masu girma ɗaya, su sauya abu ɗaya kawai, misali kashin kaji a ɗaya, takin zamani a ɗayan, su ƙirga damin da kowane ya bayar da kuɗin da ya ci, su maimaita sau uku. Ƙasar Legas da ruwanta ba irin na Kano ba ne, don haka ma'aunin gida sai an sake gwada shi a nan. Hukumar bunƙasa aikin gona ta jihar Legas tana nan Oko-Oba a Agege, kuma malamin gona ya fi saurin amsa kiran ƙungiya a kan na mutum ɗaya.

Kai kuma mai aika kuɗin taki gida, bana ka roƙi wanda ke kula da gonar ya ware kunya goma ya bi sabuwar hanya, ya bar goma a gefensu yadda aka saba, ya rubuta abin da kowane ɓangare ya ci, a kuma auna girbinsu daban-daban. Da wannan lissafin za ka yanke shawarar baɗi.