Daren jajiberin shari'ar gwaji

Shari'ar gwaji darasi ne da tsangayoyin koyon lauya ke shiryawa, inda ake ba ɗalibai ƙagaggiyar ƙara su yi muhawara a kanta gaban malamai ko lauyoyi da ke zaune a matsayin alƙalai. Yawanci ana tsara ta kamar ɗaukaka ƙara, don haka ba a kiran shaidu, kuma ba a taɓa labarin abin da ya faru. Gardamar duka a kan doka take. Tun da kowane ɓangare ya riga ya miƙa hujjojinsa a rubuce, abin da ya rage wa ɗalibi a daren ƙarshe shi ne bitar yadda zai faɗe su da baki.

A ɗauki misalin wata ɗaliba 'yar aji huɗu da aka ba minti 15 ta tsaya wa mai ɗaukaka ƙara. A labarin da aka ba su, kotun farko ta umarci wani ɗan kasuwa ya biya bashin naira miliyan biyu, bisa saƙonnin WhatsApp da mai bin bashin ya buga a takarda. Tambayar ita ce ko kotun ta yi daidai da ta karɓi takardun. Madogarar ɗalibar ita ce sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011, wanda ya gindaya sharuɗɗa huɗu kafin a karɓi abin da ya fito daga kwamfuta, ciki har da nuna cewa na'urar tana aiki lafiya a lokacin. Sashen ya kuma tanadi satifiket mai bayyana na'urar da yadda aka samo takardar.

Zagayen farko na bitar na lokaci ne. Takan miƙe tsaye a ɗakinta, ta ajiye waya tana ƙidayar mintoci, ta fara da “Ya Mai Shari'a”, ta gabatar da kanta da wanda take wakilta, ta faɗi batun da ke gaban kotu, sannan ta shiga hujja. Idan jawabin ya cinye minti 15 cif, ya yi tsawo, domin alƙalai za su katse ta da tambayoyi kuma agogo ba ya tsayawa. Sai ta datse shi zuwa kamar minti 10, ta sa hujja mafi ƙarfi a gaba.

Zagaye na biyu na raba kai da takarda ne. Mai karantawa idonsa na ƙasa, mai hadda kuwa tambaya ɗaya kan tsinke masa zare. Saboda haka takan taƙaita komai a shafi guda: batu, sashen doka, sunan shari'a da shekararta, da abin da take roƙo. Tana gwada kanta ta hanyar farawa daga tsakiya. In ta kasa ci gaba sai ta koma farko, hadda ta yi, ba ta riƙe hujjar ba tukuna.

Zagaye na uku ya fi wuya, domin a nan take zama alƙalin kanta. Babbar hujjarta ita ce shari'ar Kubor da Dickson, inda Kotun Ƙoli ta ce bai kamata a karɓi labaran jarida da aka bugo daga intanet ba, saboda ba a cika sharuɗɗan sashe na 84 ba. Amma a shari'ar Dickson da Sylva ta 2016, kotun ta nuna cewa ana iya cika sharuɗɗan ta hanyar shaidar baka ko ta satifiket. Tabbas alƙali zai tambaya: tun da mai bin bashi ya yi bayani da bakinsa, mene ne laifin rashin satifiket? Ɓoye wannan hukunci kuskure ne, don ƙa'idar aikin lauya ta wajabta sanar da kotu hukuncin da ya shafi batu ko da bai yi wa mutum daɗi ba. Mafitarta ita ce ta amince da shi, sannan ta nuna shafin da ke bayanan kotun farko inda shaidan ya ce saƙonnin daga wayarsa suke, amma bai ce uffan game da lafiyar wayar ba. Takan maimaita wannan amsa har ta iya ba da ita cikin jimla uku, ta fara da “e” ko “a'a” kafin dalili.

Daga ƙarshe takan yi bitar roƙonta, wato kotu ta karɓi ɗaukaka ƙarar, ta fitar da takardun daga cikin shaida, ta soke hukuncin. Shi ne abin da za ta faɗa ko da minti ɗaya ya rage. Bayan haka sai ta jera kwafin hukunce-hukuncen bisa tsarin da za ta ambace su, ta liƙa alama a shafukan da za ta nuna wa alƙalai, ta goge farar riga da baƙin kwat. Neman sabuwar hujja a wannan dare ba shi da amfani, domin alƙalai kan riƙe kowane ɓangare a kan abin da ya riga ya miƙa a rubuce.