Kariyar REF: Mai Gano Ƙaramin Lahani a Taransifoma

Waya uku na naɗin tauraro a taransifoma suna haɗuwa a cibiya ɗaya, wadda ake sauke ta ƙasa. Kariyar REF tana aiki da na'urorin auna wuta guda huɗu, wato CT: uku a kan layuka, ɗaya a kan cibiya. Idan lahani a waje yake, lissafinsu yana tashi sifili. Idan kuwa naɗin ne ya taɓa jikin ƙarfe, sai bambanci ya fito, rile ya katse wuta nan take.

A ce cikakken lodin taransifoma amfiya 1,000 ne, an kuma taƙaita wutar cibiya zuwa 1,000. Lahani ya auku kashi 20 cikin 100 daga cibiya. Amfiya 200 za su bi cibiya, REF kuwa tana ganinsu duka. Kariyar bambanci, mai kwatanta wutar shiga da ta fita, daga ɓangaren shiga take leƙowa, inda abin bai wuce kashi 2 zuwa 3 na lodi ba, alhali an saita ta kusan kashi 20 saboda canjin tap. Shiru za ta yi, naɗi yana ƙonewa.

Sai dai a kula: CT na cibiya da aka juya kansa zai katse wuta a kan lahanin waje.