Taken tara gorunan roba: me ya kamata ya faɗa?

A zangunan Salaga da Yendi da Bawku, gorar roba ba ta zama shara nan take. Masu sayar da soɓo da man gyaɗa kan sake zuba kayansu a ciki. Wadda ta lotse ko ta fashe ce ke ƙarewa a kwata ko a wuta, kuma ita ce mai shirin tarawa ke nema a gidaje da ƙananan shaguna.

Don haka dole taken shirin ya ambaci sunan abin. Kalmar "roba" ta haɗa bokiti da leda da gora, alhali masu sarrafawa daban suke sayen kowanne. Gorar ruwa da ta lemo nau'in PET ce, mai lamba 1 a gindi.

Alƙawarin kuɗi kuma tarko ne. Gorar ruwa ta rabin lita ba ta cika wuce giram 20 ba, wato sai an tara hamsin ko fiye kafin a samu kilo ɗaya. Mai shagon da aka ce wa "shara kuɗi ce" zai daina tarawa ranar da aka auna buhunsa.

Take irin "Juye gora, taka ta, ajiye mana" ya fi aiki, domin umarni uku ne a jere. Gorar da aka taka ba ta cin wuri a buhu. Umarnin kuma yana shiga Gonja da Dagbani da Kusaal ba tare da ya rasa ma'ana ba.

Buhunan makon farko ne za su nuna ko an fahimta. In ledojin fiya wata sun cika su, taken na bukatar gyara.