Kan Bim Ɗin da Ke Bango Ba Ya Motsi

Barandar bene da ta miƙo waje babu ginshiƙi a ƙarƙashinta, ita ce injiniyoyi ke kira kantiliba: bim ne da aka kafe kansa ɗaya a bango, ɗaya kan kuwa yana reto. Tun 1638 Galileo ya yi nazarin nauyin da zai karya irin wannan bim. Amma mai gini yana kuma son sanin iya sunkuyawar bakinsa tun kafin a je ga karyewa.

Ƙa'idar da aka gada daga Euler da Bernoulli ita ce EI y'' = M. Harafin E taurin ƙarfen ne, I yana nuna fasalin kaurinsa, M kuma ƙarfin da ke lanƙwasa shi. In aka yi lissafin intigireshan sau ɗaya, sai a sami karkatar bim ɗin. A karo na biyu, a sami sunkuyawarsa. Sai dai kowane karo yana barin lambar da ba a sani ba, C1 da C2, kuma yanayin bango ne kaɗai ke fayyace su. A bango bim ba ya sauka, ba ya karkata: y = 0, y' = 0.

A ɗauki bim na ƙarfe mai tsawon mita 2, an rataya masa nauyin P = 5000 N a baki, wato kusan kilo 500, kuma EI = 1.6 × 10⁶ N·m². In aka fara auna x daga bango, M = −P(L − x), sharuɗɗan biyu suna faɗawa a x = 0, don haka C1 da C2 duk sifili ne. Sunkuyawar baki ta zama PL³/3EI, wato milimita 8.3.

Inda ake tafka kuskure shi ne in aka fara awo daga bakin da ke reto. Dalibai suna son wannan hanya domin M = −Px ya fi sauƙi, kuma babu laifi a cikinta. Amma yanzu bango ya koma x = L, can za a sa sharuɗɗan. Sai a sami C1 = PL²/2 da C2 = −PL³/3, amsa ta dawo milimita 8.3 daram. Wanda ya saba da sifili, ya zuba su ba tare da duba zane ba, zai sami milimita 4.2. Rabin gaskiya ke nan, kuma lissafinsa yana cewa bangon ne ya sauka, bakin yana tsaye cak!

Gane wannan ba wuya: a sa x na wurin bango cikin amsar ƙarshe. Muddin y da y' ba su ba da sifili a can ba, lissafin ya ɓaci, sai a sake.