Hanyar Cauchy: A Zaga ta Sama Domin a Auna Filin da ke Ƙasa

A ɗauki wannan ƙa'ida: y = 1/(x² + 1). Idan aka zana ta, za a ga tudu mai sulɓi. A tsakiya, inda x yake sifiri, tsayinsa 1 ne. A x = 1 ya sauko zuwa rabi, a x = 10 kuwa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Haka yake ta yin ƙasa hagu da dama, amma har abada ba ya taɓa layin ƙasa. Maria Gaetana Agnesi, 'yar Italiya, ta yi bayanin irin wannan tudu a littafinta na 1748. Tambayar ita ce: nawa ne girman filin da ke ƙarƙashinsa, tun daga can hagu inda ba iyaka har can dama inda ba iyaka? Auna irin wannan fili shi masu lissafi ke kira intigiral, kuma amsar a nan π ce, wato kimanin 3.14. Fili marar bakin iyaka, amma girmansa bai wuce haka ba.

Ɗalibin kalkulas zai iya samo wannan amsa ta hanyar arctan. Da gangan na zaɓi misalin, don mai karatu ya iya tabbatarwa da kansa. Amma akwai 'yan'uwansa masu taurin kai da kalkulas ɗin yau da kullum ba ya iya lanƙwasawa, kuma su ne dalilin da ya sa ake koyar da hanyar Bafaranshen nan Augustin-Louis Cauchy, wadda ya shimfiɗa a rubuce-rubucensa na 1825 da 1826.

Dabarar ta fara ne da barin layi. Lambobin da muka sani suna jere a kan layi ɗaya miƙaƙƙe. Sai a ƙara wata lamba mai suna i, wadda idan aka ninka ta da kanta take ba da −1, a ajiye ta taku ɗaya sama da sifiri. Yanzu lambobi sun sami fage mai faɗi, ana iya yin gabas da yamma, ana iya yin sama da ƙasa. Kowace lamba a wannan fage ana kiranta z, ƙa'idarmu kuma ta koma 1/(z² + 1).

A kan layi ƙa'idar ba ta da wata matsala, domin x² + 1 ba ya taɓa zama sifiri. A fage kuwa akwai wurare biyu da take fashewa: z = i da z = −i. A can na ƙasan ya zama sifiri, rabawa ta gagara. Irin wannan wuri ana ce masa fol. Abin da Cauchy ya tabbatar shi ne, idan ka yi zagaye rufaffe a fagen kana tara ƙimar ƙa'idar taku bayan taku, jimillar ba ruwanta da tsawon hanyar ko lanƙwasarta. Fol ɗin da ka kewaye kaɗai ta sani. Kowane fol yana da lambarsa da ake kira residu. A haɗa residun da ke cikin zagayen, a ninka da 2πi, an sami jimilla, muddin an zaga akasin tafiyar hannun agogo.

To amma layinmu ba rufaffe ba ne, sai mu rufe shi da kanmu. A zaɓi babbar lamba R. A bi layi daga −R zuwa R, sannan a hau rabin da'ira ta sama a dawo −R. Cikin wannan baka fol ɗaya ne, wato i. Ɗan'uwansa −i yana waje ta ƙasa.

Residun ba wuya. A warware z² + 1 ya zama (z − i)(z + i). A rufe (z − i) da yatsa, tunda shi ne mai fashewa, a sa i a cikin abin da ya rage: 1/(i + i), wato 1/(2i). A ninka da 2πi, sai 2i ya cinye 2i, π ta tsaya ita kaɗai.

A nan ne masu gaggawa ke ajiye alƙalami, alhali a ganina yanzu aikin ya fara. Wannan π ta zagayen duka ce, layi da baka a haɗe. Mu kuwa layin muke so. Dole a nuna cewa rabon baka yana ƙanƙancewa har ya ɓace idan R ya girma. Tsawon bakan πR ne. A ko'ina a kansa girman ƙa'idar bai wuce 1/(R² − 1) ba. Saboda haka rabonsa ba zai haura πR/(R² − 1) ba. Idan R = 10, wannan kimanin 0.32 ne. A duba da arctan: filin daga −10 zuwa 10 ya kai 2.94, giɓin da ya rage zuwa π kimanin 0.2, bai tsallake iyakar ba. Idan R = 1000, iyakar ta faɗo zuwa 0.003. Bakan yana tsawo, amma ƙa'idar ta fi shi saurin ƙanƙancewa. Daga nan aka sami doka: idan sama da ƙasa duk jerin x ne masu ƙarfi daban-daban, ƙarfin na ƙasa ya fi na sama da aƙalla 2.

Wanda ya yi watsi da dokar zai sha mamaki. A gwada x/(x² + 1), inda bambancin 1 ne kawai. Residun a i rabi ne, zagayen ya ba da πi. Fili ba ya zama πi, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna an yi ɓatan kai. Gaskiyar magana, bakan ne ya kwashe πi ɗin gaba ɗaya, komai girman R. Layin ya ba da sifiri ne don hagu da dama sun soke juna, alhali kowane ɓangare shi kaɗai ba shi da iyaka. Haka nan idan tudun duk yana sama da layi amma amsa ta fito da alamar ragi, a duba alkiblar zagaye, wataƙila an bi ta ƙasa an manta da sauya alama. Idan kuma fol ya zauna a kan layin kansa, kamar a 1/(x² − 1), wannan zagaye ba ya biyuwa yadda yake.

Ga inda hanyar ke biyan kuɗinta: cos x/(x² + 1). Arctan ba shi da ta cewa a nan. Kuma akwai tarko. A kan layi cos ba ya wuce 1, amma a fage yana kumbura: a z = 10i ya haura 11,000. Bakan ba zai ɓace ba. Mafita ita ce ƙa'idar Euler, e^(ix) = cos x + i sin x. A sa e^(iz) a madadin cos. A tsayin y sama da layi girmansa e^(−y) ne, ba ya wuce 1, saboda haka iyakar baka ta ɗazu tana nan daram. (Ta ƙasa kuwa shi ma kumbura yake yi, shi ya sa a wannan karo zagawa ta sama ta zama tilas.) A rufe (z − i) da yatsa kamar da, a sa i: sama ya zama e^(−1), ƙasa 2i. A ninka da 2πi, a sami π/e. Ɓangaren sin ya soke kansa hagu da dama, don haka amsar duk ta cos ce, kimanin 1.16. Ta gaza π, kuma haka ya kamata, tunda cos ba ya wuce 1 kuma wani lokaci yana nutsewa ƙasa da layi.